Littafin lissafin shagon garau-garau na Yaya: faranti nawa kafin uwa ta fito?

Asabar, 30 ga Agusta, 2025

Yayata tana sayar da garau-garau a wani ɗan shago kusa da tashar garinmu, a kan hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Gaya. Shinkafa da wake, mai da yaji, sai ɗan yankan albasa a kai. Tun watan Fabrairu ta kama shagon, kuma rabin jarin ni na zuba daga albashina na koyarwa. Wata bakwai ke nan, kullum akwai ciniki, kullum tana dawowa gida da kuɗi a lalita, amma duk Juma'a in za ta shiga kasuwar Wudil sai ta ce in cika mata dubu uku ko biyar.

Yau na ce mata, "Yaya, faranti nawa kike bukatar sayarwa a rana kafin a ce ba ki ci ba, ba a kuma ci ki ba?" Ta ce, "Auta, ni dai in tukunya ta ƙare na san an yi ciniki." Na sayi littafi mai shafi sittin. Wannan adadin nake nema, na kuma raɗa masa suna farantin canjaras.

Lahadi, 31 ga Agusta

Na fara da kuɗin da ba ruwansu da ciniki, waɗanda ko mutum ɗaya bai leƙo ba sai an biya su. Na kira su kuɗin dole.

Haya ₦120,000 ce a shekara, wato ₦10,000 a wata. Maigadin layin yana karɓar ₦3,000 a wata. Jimla ₦13,000. Da fari na raba da kwana 30, sai na tuna ba a buɗewa ran Juma'a, ranar sayayya ce. Hayar Juma'a kuwa ba a yafe ta ba, sauran ranakun ne ke ɗaukar ta. Na raba da 26, ya ba ni ₦500 daidai a kowace ranar aiki.

Sauran: yarinyar da ke wanke-wanke da miƙa abinci ₦1,000, ɗan garuwa jarka shida ₦600, omo da sabulu ₦200, itace ₦1,500. Na yi ta kai-kawo a kan itace, don a zahiri girki ne ke cin sa. Amma Yaya ta ce wutar da za ta dafa wake kwano ɗaya ita ce kusan wadda za ta dafa kwano biyu, wake lokaci yake ci ba yawa ba. Sai na bar shi cikin kuɗin dole. Zuwa nan ₦3,800.

Gardama ta tashi da na rubuta mata ladan aiki ₦2,000 a rana. Ta ce wa ya taɓa biyan kansa albashi a shagonsa? Na ce da za ki kwanta ciwo, Allah Ya kiyaye, wadda za ta tsaya a bakin murhu tun asuba har la'asar nawa za ki ba ta? Ta yi shiru, sannan ta ce ƙasa da dubu biyu ba mai yarda. To, kuɗin dole ya zama ₦5,800 a rana.

Laraba, 3 ga Satumba

Kwana uku ina zaune a kan benci da biro ina jan layi duk sanda ludayi ya shiga tukunya. 'Yan acaɓa har sun fara tambaya ko ni ne mai karɓar haraji.

Dalilin ƙirga ludayi shi ne, a nan ba kowa ke cewa a ba shi faranti ba. Wani ya ce na ɗari huɗu, wani na ɗari shida, direban babbar mota ya ce na dubu. Ludayi ɗaya ₦200 ne, abin da muke kira faranti kuma ludayi uku ne, ₦600. Don haka in na tara kuɗin rana na raba da 600 na san faranti nawa aka sayar, ko da a ce a gutsuttsure aka saye shi.

Girkin da ta saba shi ne shinkafa kwano huɗu, wake kwano biyu. Na tambaye ta faranti nawa kwano shida ke bayarwa, ta ce 72, goma sha biyu a kowane kwano, haka ta sani tun tana taya Inna. Abin da na ƙirga kuwa: Litinin 61, Talata tukunyar farko 59, yau 60. Faranti goma sha biyu sun yi ɓatan dabo a kowace tukunya.

Ba wanda ya sata. Gyara ce ta cinye su. Yaya ba ta iya miƙa wa mutum faranti ba tare da ta ƙara rabin ludayi ba, in kuwa ya ce "Hajiya, a ɗan taɓa mana," sai ta sake taɓawa. Ga ƙanzo da ke kamawa a gindin tukunya. Ban ce ta daina ba, na dai rubuta 10 a kowane kwano, ba 12 ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Farashin da ta sayo a makon jiya: shinkafa 'yar gida ₦3,000 kwano, wake ₦2,700, man gyaɗa ₦2,600 kwalba.

Shinkafa kwano huɗu ₦12,000, wake kwano biyu ₦5,400. Faranti 60 na shan mai kwalba biyu, ₦5,200. Yaji, gishiri, dunƙule, kanwa da albasa ₦2,000. Leda da cokalin roba na masu tafiya da shi ₦600. Duka ₦25,200, in aka raba da 60 kowane faranti ya tashi a kan ₦420.

Ana sayar da shi ₦600, saura ₦180. Wannan ₦180 ɗin ba riba ba ce tukuna, ita ce gudummawar da kowane faranti ke kawowa don a biya kuɗin dole. Na kira ta rarar faranti. Lissafin ke nan: kuɗin dole a raba da rarar faranti. 5,800 a raba da 180 ya ba da 32 da ɗoriya, kuma tunda ba a sayar da guntun faranti a lissafi, sai a ɗaga zuwa 33.

Na gwada da 72 ɗin Yaya don in ga bambanci. Faranti zai tashi ₦350, rara ₦250, canjaras 24. Wato kuskuren aunawa kawai ya ɓoye faranti tara a kowace rana.

Tana sayar da wajen 45 a ranakun da ba na kasuwa ba. Na ce mata ai kin wuce 33 da nisa, muna cikin riba. Ta ce to ina ribar take? Ban da amsa.

Litinin, 8 ga Satumba

An sayar da 47. Na samo gwangwanin madara na huda murfin, kullum a jefa ₦500 na haya da maigadi kafin a taɓa komai.

Laraba, 10 ga Satumba

Yau na gane inda lissafina ya karkace, kuma da asara na gane.

An tashi da hadari, wajen ƙarfe sha ɗaya ruwa ya sauko bai ɗauke ba sai bayan la'asar. Tasha ta watse. Yaya ta riga ta dafa kwano shida tun safe. An sayar da 37. A littafina 37 ta fi 33, ya kamata a ce an ci riba. Da muka zauna ƙirga kuɗi, ₦22,200 ne a hannu. Kuɗin dole ₦5,800, shinkafa da wake ₦17,400, mai da yaji da leda na faranti 37 wajen ₦4,810. Jimlar kashewa ₦28,010. Faɗuwar ₦5,810.

Sauran abincin, an ba almajirai abin da aka ba su, aka kai gida wani. Wanda ya kwana kuma da safe ya yi yauƙi ya fara tsami, don wake ba ya haƙuri da ɗumi. Sai shanyawa aka yi saboda kaji.

Na daɗe a kan tabarma da daddare kafin na ga bakin zaren. Na ɗauki shinkafa da wake kamar ana sayen su faranti-faranti, alhali da zarar sun shiga tukunya kuɗinsu ya tafi, a sayar ko kada a sayar. Mai da yaji da leda su ne kaɗai ke jiran mai saye, don sai an zuba abinci ake barbaɗa su. In kwalba ba ta ƙare ba gobe tana nan. Waɗannan ₦7,800 ne a faranti 60, wato ₦130 kowanne.

Saboda haka lambar biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko, 33, tana aiki ne kawai in duk abin da aka dafa ya ƙare tas. Ita ce ƙasan ƙasa, tana gaya maka mafi ƙanƙantar cinikin da shagon zai iya rayuwa a kai. Ta biyu ita ce ta tukunyar yau: a haɗa kuɗin dole da kuɗin abin da aka zuba a tukunya, a raba da farashi bayan an cire mai da yaji. Da kwano shida, 5,800 da 17,400 sun zama 23,200, a raba da 470, ya ba da 50. Yaya tana dafa tukunyar da ke neman faranti 50, tana sayar da 45, wata bakwai. Ga inda dubu uku da biyar ɗin Juma'a suke tafiya.

Asabar, 13 ga Satumba

Na lissafa mata tukunya iri uku a bayan littafi. Kwano shida na ba da 60, yana neman 50. Kwano huɗu da rabi, wato shinkafa uku wake ɗaya da rabi, kuɗinsa ₦13,050, yana ba da 45, yana neman 41. Kwano uku kuwa yana ba da 30 amma yana neman 31, ko an lashe tukunyar ba za a fita ba. Wannan ya burge ni, don ya nuna rage girki ma yana da iyaka.

Ta yarda da huɗu da rabi a ranakun da ba kasuwa, amma ba da son ranta ba. A wurinta abin kunya ne mutum ya zo a ce masa ya ƙare. Na ce mutum uku su koma ya fi faranti goma sha biyar su tafi wurin kaji. Ran Talata, da yake kasuwar garinmu ke ci, kwano tara ne a tukunya biyu, da ƙarin itacen ₦1,000.

Laraba, 17 ga Satumba

Kwana huɗu tukunya na ƙarewa kafin la'asar. Sai dai na lura ba a taɓa sayar da fiye da 42 daga cikin 45. Yaya na ci, yarinya na ci, akwai kuma na sadaka da ba ta fashi. Faranti uku ke nan kullum da ban saka a lissafi ba. Ana neman 41, abin sayarwa 42. Tazarar faranti ɗaya tal.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na raka ta Wudil. Wake ya koma ₦3,300 kwano, tsoho ya yi ƙaranci sabo bai iso ba. Man gyaɗa ₦3,200 kwalba. Shinkafa tana nan a ₦3,000.

A cikin mota na ciro waya na buga. Tukunyar kwano shida ta zama ₦18,600, mai da yaji da leda ₦9,000, wato ₦150 a faranti. Kuɗin faranti ya tashi daga ₦420 zuwa ₦460. Naira arba'in, abin da ko sayen ashana bai cika isa ba. Amma rarar faranti ta faɗo daga ₦180 zuwa ₦140, kuma 5,800 a raba da 140 ya ba da 42. Kaya sun ƙaru da ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, canjaras ya yi tsalle daga 33 zuwa 42, sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili shi ne ƙarin ba daga ₦600 yake fita ba, daga 'yar rarar nan yake yanka, ita kuwa dama siririya ce.

Tukunyar huɗu da rabi yanzu ₦13,950 ce, tana neman 44. Abin sayarwa 42. Ko da kowa ya zo, ba za ta fita ba.

Yaya ta ce akwai sauran wake kwano bakwai a gida na tsohon farashi, don haka tsadar ba ta same mu ba sai ya ƙare. Ban yarda ba. In ta dafa kwanon da ta saya ₦2,700, wanda za ta mayar a gurbinsa ₦3,300 ne. In aka yi lissafi da tsohon farashi, za a ga riba a littafi, a je kasuwa kuɗin ya kasa cika buhu. Na rubuta da farashin yau.

Na kuma fitar da ɗan ma'auni da zan riƙa ɗauka a ka: duk ₦100 da ta hau kwanon shinkafa tana ƙara wa faranti kusan ₦7, ta wake ko ta kwalbar mai kuwa ₦3 da 'yan kwabbai. Shinkafa ce babbar abin tsoro, Allah Ya sa ba ta motsa ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Mako guda cur a kan sabon farashi. Asabar 42, Lahadi 41, Litinin 38, Laraba 42, yau 40. Kowace rana cikin biyar ɗin nan faɗuwa ce, mafi sauƙi ₦850, mafi muni ₦2,650 ran Litinin. Jimlarsu ₦7,400. Talata an sayar da 84, bayan an cire komai ₦3,100 ta rage. Mako ya tashi da faɗuwar ₦4,300.

Yaya ta ce ita ba ta ga faɗuwa ba, ga kuɗi a lalita. Gaskiyarta, don faɗuwar daga ladanta ta fita. Maimakon ₦12,000 na kwana shida, ₦7,700 ta samu. Yarinyar da ke wanke mata kwanuka ta tashi da ₦6,000. Da ban rubuta ladan nan ba ran 31 ga Agusta, da littafin ma ya ce mana lafiya lau.

Lahadi, 28 ga Satumba

Mun zauna bayan isha'i da hanyoyi uku a gabanmu.

Ta farko, a rage wake tunda ya fi shinkafa tsada. Na lissafa, in aka musanya rabin kwanon wake da shinkafa a tukunyar kwano shida, ₦150 kacal za a tsira da ita, naira biyu da rabi a faranti. A kan wannan za a ɓata garau-garau har a fara cewa shinkafa ce da ɗigon wake? Muka watsar.

Ta biyu ita ce tawa: a mayar da faranti ₦700. Rara za ta zama ₦240, canjaras ya sauko 25. Na nuna mata cewa faranti 27 a kan ₦700 suna kawo rarar da 45 ke kawowa a kan ₦600, in dai an rage tukunya daidai da su. A takarda babu abin da ya kai wannan kyau. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Auta, kai farashin faranti kake gani, su kuma kuɗin aljihunsu suke gani. Mai ɗari huɗu ɗari huɗu zai miƙo. Ludayi ɗari biyu da talatin da uku zan ce masa? Ina canjin?" Ko ₦50 wahalar samu take yi a tasha. Ga kuma mai abinci ta ƙofar kasuwa da ke nan a kan ₦600. Na ga lissafina bai san wannan ba.

Ta uku ita ta kawo. Akwai wani ludayi a gida da bai kai na shago zurfi ba. In ta koma shi, ta kuma tsaya a gyara ɗaya, tana ganin kwano zai ba da 11. Na buga: ₦18,600 a raba da 66 ya zama ₦282, a ƙara ₦150, faranti ₦432, rara ₦168, canjaras 35. Faranti ɗaya a kowane kwano ya sauko da mu daga 42 zuwa 35. Ni dai raina bai kwanta ba sosai, don ƙarin farashi ne ta bayan gida. Ta ce duk mai ƙosai da mai waina haka suke yi in kaya sun yi tsada, kuma masu saye sun sani, idonsu ba a rufe yake ba. Ta yi alkawarin in kaya sun sauka za ta dawo da gyara.

Laraba, 1 ga Oktoba

Sabon ludayi ya fara aiki. Tukunya ta koma kwano huɗu, shinkafa biyu da rabi, wake ɗaya da rabi, ₦12,450. Ta ɗan rinjayar da wake da gangan, wai ido ya ga abinci ya yi kyau. Ta ba da 44. Wani ɗan kamasho ya ɗaga faranti ya ce, "Hajiya, yau ludayin azumi yake yi?" Aka yi dariya, ya ci, ya biya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Tukunyar kwano huɗu tana neman 41, abin sayarwa bayan na gida 41. Ranakun da ba kasuwa sun koma kunnen doki, wata rana a haura da ɗari biyu, wata rana a gaza da dubu. Talata da kwano takwas an sayar da 84, ta bar ₦6,100. Kasuwar Talata ce ke riƙe da shagon, wannan kam ya fito fili. Mutum biyu da na saba gani sun daina zuwa, ko ludayi ne ko girbi ne ya ɗauke su, Yaya ta ce girbi.

Talata, 14 ga Oktoba

Bashi. Na tarar da ₦9,400 a hannun mutum shida, wani tun Agusta. Ina ƙirga su cikin waɗanda aka sayar, alhali kuɗin bai shigo ba. Daga yau farantin bashi ba ya shiga ƙirga sai ranar da aka biya.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Kaka ta shigo kasuwa. Sabuwar shinkafa ₦2,400, sabon wake ₦2,000, mai ₦2,500 tunda sabuwar gyaɗa ta fito. Kwano shida ₦13,600. Mai da yaji da leda sun dawo wajen ₦130. A kan 11 a kwano, faranti ₦336, rara ₦264, canjaras 22. Rabin na Satumba ke nan, kusan. Haya ba ta canza ba, itace bai canza ba, ladan kowa na nan yadda yake.

Dokar farashin yau ta juyo kanmu. Akwai sauran tsohuwar shinkafa kwano biyar da aka saya ₦3,000, yanzu darajarta ₦2,400. Na rubuta asarar ₦3,000 a gefe guda don kada ta rikita lissafin tukunya.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na yi saurin murna. Sabuwar shinkafa ba ta da auki irin na tsohuwa, da sauran danshi a jikinta, ba ta shan ruwa sosai, in an matsa mata kuma sai ta caɓe. Da ƙaramin ludayin ma 10 take bayarwa a kwano. Yaya ta san haka tun ran Juma'a, ta ce ta bar ni ne in gani da idona. Na sake ƙirgar ludayi na kwana uku don in tabbatar.

Gyararren lissafi: ₦13,600 a raba da 60, ₦227, da ₦130, faranti ₦357, rara ₦243, canjaras 24. Tukunyar huɗu da rabi ₦10,200 ce, tana neman 35 daga cikin 42. In an sayar da duka, ₦3,740 ke ragewa bayan ladan Yaya. Sabon wake kuma yana saurin nuna, itacen ₦1,500 yana ɗan yin saura, amma ban taɓa adadin ba tukuna. Gyara ta dawo, kamar yadda ta yi alkawari. Tsohon ludayi sai shinkafa ta bushe.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Alhaji mai shago ya biyo ta tasha, Yaya ta gaishe shi ta tambaya ko akwai ƙari bana. Ya ce babu, ₦120,000 ɗin ce, amma a ƙarshen Janairu yake so a dunƙule. Tun farko haya ce abin da ya fi tsorata ta. Na nuna mata cewa ko da ya ƙara ₦30,000, a rana ₦96 ce, ba ta kai rarar faranti ɗaya ba. Tashin wake da mai na mako guda a Satumba ya ƙara mana faranti tara.

Matsalar haya a wani wurin take. Mun fasa gwangwani, bayan an biya maigadi wata biyu, ₦17,500 ce a ciki. Daga yanzu zuwa ƙarshen Janairu za a tara ₦30,000. Sauran ₦72,500, hayar watannin farko, ba a ajiye ta ba, ta bi kaji da gyara. Ranakun aiki da suka rage 78 ne, don haka sai an ƙara kusan ₦930 a kullum, gwangwani ya riƙa cin ₦1,430. Kuɗin da dole ya fita a rana ya zama ₦6,730, a raba da 243, faranti 28. A farashin kaka za a iya. A na Satumba da ba za a iya ba.

Na so mu sayi wake buhu biyu mu ajiye saboda damina mai zuwa. Buhu mai kwano 40 an yi mana ₦76,000, wato ₦1,900 kwano, kuma in aka zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki aka ɗaure da kyau, ƙwari ba sa cin sa. Amma shagon na cin wake kwano goma da rabi a mako, buhu ɗaya ko wata bai kai ba, kuma buhu biyu za su riƙe ₦152,000 har wata tara alhali ga haya a gaba. Mun tsaya a kan buhu ɗaya, daga albashina na Nuwamba, a rubuta shi bashi a kan shago. Na biyun sai mun ga abin da gwangwani ya tara a ƙarshen Disamba.

Na ja sabon shafi mai layi huɗu da Yaya za ta riƙa cikewa da kanta duk Juma'a kafin ta hau mota: shinkafa, wake, mai, da faranti nawa kwano ya bayar a makon. Ran Asabar in lissafa mata lambobin biyu, ta san girman tukunyar da za ta ɗora. Albasa ta fara hawa, yau ₦500 ba ta cika ƙaramin kwano ba, Juma'a mai zuwa zan raba ta da yaji in ba ta layinta daban.